Rabon riba ko sake sayen hannun jari: ina bambancin yake, kuma wa yake cin moriyarsa?

Idan kamfani ya rufe lissafin shekara, ya biya ma'aikata da masu bin sa bashi da hukumar haraji, ya kuma ware abin da zai kashe wajen gyaran injina da faɗaɗa aiki, sau da yawa akan sami kuɗin da suka rage waɗanda ba shi da wani aiki mai riba da zai sa su a ciki. Waɗannan kuɗi na masu hannun jari ne, kuma hanyoyi biyu ne aka fi bi wajen mayar musu da su. Ko dai a raba musu tsabar kuɗi gwargwadon yawan hannun jarin kowa, wato rabon riba, ko kuma kamfanin ya shiga kasuwa da kuɗin ya sayi hannun jarin kansa daga hannun masu son sayarwa, ya janye su daga yawo. Ana yawan gabatar da hanyoyin biyu kamar kishiyoyi, a ce wannan ta tsofaffin kamfanoni ce waccan ta zamani, amma idan aka zauna da alƙalami aka yi lissafi za a ga cewa tushensu ɗaya ne, kuma wuraren da suka rabu ba su da yawa. Mafi girman wurin da suka rabu shi ne farashi, kuma a kansa ne wannan bayani zai fi tsayawa.

Bari mu ɗauki misalin wani kamfani na ƙirƙira domin lissafin ya fito sarari. A ce yana da hannun jari miliyan 100, darajarsa duka naira biliyan 10, wato kowane hannun jari naira 100. Daga cikin wannan daraja, naira biliyan 9 ta masana'anta ce da kasuwancinta, naira biliyan 1 kuwa tsabar kuɗi ce a ajiye wadda daraktoci suka yanke shawarar mayar wa masu ita. Kasuwancin yana kawo ribar naira miliyan 900 a shekara, don haka kowane hannun jari yana da naira 9 a cikin ribar. A ce kuma akwai wata mata da ke da hannun jari 1,000, dukiyarta a kamfanin naira 100,000 ke nan.

Idan aka bi hanyar rabon riba, kowane hannun jari zai sami naira 10, matar za ta ga naira 10,000 a lissafinta kafin a cire haraji. Sai dai kamfanin da ya fitar da biliyan 1 daga asusunsa ba zai ci gaba da zama mai darajar biliyan 10 ba, ya koma na biliyan 9, kowane hannun jari ya koma naira 90. Matar tana da naira 90,000 a hannun jari da naira 10,000 a banki, jimilla naira 100,000, daidai da abin da take da shi jiya. Wannan ba zancen littafi kaɗai ba ne: a kasuwar hannun jari ta NGX da ke Legas, da zarar ranar tantance waɗanda za su ci rabon ta wuce, ana rage farashin hannun jarin da adadin ribar da aka ayyana, kuma wanda ya saya daga wannan rana ba shi da rabo a ciki. Mutane da yawa suna ɗaukar rabon riba a matsayin kyautar da ta faɗo daga sama, alhali kuɗinsu ne aka ɗauke daga wannan aljihu aka sa a wancan.

Idan kuma aka bi hanya ta biyu, kamfanin zai sayi hannun jari miliyan 10 a kan naira 100 kowanne, su fita daga lissafi, a bar miliyan 90. Darajar kamfanin ta koma biliyan 9 kamar dai a hanya ta farko, amma tun da miliyan 90 ne za su raba ta, kowanne yana nan a naira 100. Matar da ba ta sayar da komai ba ba ta ga ko sisi a banki ba, sai dai dukiyarta tana nan naira 100,000, kuma kasonta na mallakar kamfanin ya ɗan ƙaru tun da abokan tarayya sun ragu. Idan tana bukatar kuɗi, sai ta umarci dillalinta ya sayar da 100 daga cikin hannun jarinta, ta karɓi naira 10,000, ta rage da 900 masu darajar naira 90,000. Ɗari tara cikin miliyan 90 daidai yake da dubu cikin miliyan 100, saboda haka ta dawo daidai inda rabon riba zai ajiye ta, a kuɗi da kuma a kaso. Wannan daidaito shi ne abin da masana tattalin arziki Merton Miller da Franco Modigliani suka nuna a shekarar 1961, cewa in babu haraji, babu kuɗin dillanci, kuma farashin kasuwa gaskiya yake faɗa, to yadda aka raba kuɗin ba ya ƙara wa mai jari komai kuma ba ya rage masa.

Akwai wata lamba da takan ruɗi mutane a nan. Bayan sake sayen, ribar kowane hannun jari ta tashi daga naira 9 zuwa naira 10, domin miliyan 900 ɗin yanzu miliyan 90 ne suke raba ta. Shugabannin kamfani suna son nuna wannan lamba a rahoton shekara, kuma jaridu sukan ɗauke ta a matsayin bunƙasa. Amma kamfanin bai sayar da buhu ɗaya fiye da bara ba, ribarsa duka tana nan inda take. Abin da ya faru kawai shi ne, a da kowane hannun jari yana da naira 9 ta riba da kuma naira 10 ta kuɗin ajiya a bayansa, yanzu yana da naira 10 ta riba babu kuɗin ajiya. An musanya wani abu da wani, ba a ƙirƙiri sabuwar dukiya ba. Lamarin ya fi muni idan da bashi aka yi sayen. A ce kamfanin namu ba shi da biliyan 1 a ajiye, sai ya ranto ta a kan ruwan kashi 20 cikin 100, wanda ba baƙon abu ba ne a bankunan Nijeriya a 'yan shekarun nan. Ruwan zai cinye miliyan 200 a shekara, ribar ta koma miliyan 700 idan aka ajiye batun haraji a gefe, kuma idan miliyan 90 suka raba ta kowanne zai tashi da ƙasa da naira 8. An rage yawan hannun jari, an kuma rage abin da kowanne yake samu.

Yanzu mu zo kan farashi. A lissafin da ya gabata mun ɗauka cewa farashin kasuwa da ainihin darajar hannun jarin abu ɗaya ne, amma duk wanda ya daɗe yana bin kasuwa ya san cewa sukan rabu, wani lokaci da nisa. Rabon riba bai damu da wannan ba, domin kowa naira 10 yake samu a kan kowane hannun jari, ko kasuwa tana sama ko tana ƙasa. Sake saye kuwa ciniki ne tsakanin ɓangare biyu na masu kamfanin, masu fita da masu zama, kuma daraktoci ne suke yin cinikin da kuɗin masu zama. Abin ya yi kama da abokai goma da suka haɗa kuɗi suka sayi babbar motar ɗaukar kaya, sai ɗayansu ya ce a sallame shi daga cikin kuɗin da motar ta tara: idan aka biya shi fiye da darajar kasonsa, sauran taran ne suka yi asara, idan aka biya shi ƙasa da haka kuwa su ne suka ci riba.

A koma kan lambobin. Ainihin darajar hannun jarin naira 100 ce, amma a ce kasuwa ta yi zafi ta kai shi naira 125. Da biliyan 1 ɗin kamfanin miliyan 8 kawai zai iya saya, a bar miliyan 92 suna raba darajar biliyan 9, kowanne ya koma kusan naira 97.8. Matar da ta riƙe nata ta yi asarar fiye da naira 2,000 ba tare da ta sa hannu a wata takarda ba, kuma ba za ta ga wannan asara a rubuce a ko'ina ba, kuɗin sun tafi aljihun waɗanda suka sayar a kan 125. Idan kuma kasuwa ta tsorata farashin ya faɗi zuwa naira 80, biliyan 1 ɗin za ta sayi miliyan 12.5, a bar miliyan 87.5, kowanne ya kai kusan naira 102.9, masu haƙuri su ci moriyar masu gaggawa. Saboda haka babu ma'ana a tambayi ko sake sayen hannun jari abu ne mai kyau ba tare da an tambayi a kan nawa aka saya ba. Wannan ne matsayin da Warren Buffett, shahararren mai zuba jari na Amurka, ya daɗe a kai: kamfaninsa na Berkshire Hathaway bai sake rabon riba ba tun 1967, amma yakan sayi hannun jarin kansa idan shugabanninsa suna ganin farashin yana ƙasa da darajarsa.

Matsalar ita ce yawancin kamfanoni ba haka suke yi ba. Lokacin da kuɗi suka fi yawa a asusun kamfani shi ne lokacin da kasuwanci yake tafiya daidai, kuma a wannan lokacin ne farashin hannun jarinsa yake sama. Idan abubuwa suka lalace farashin ya faɗi, ya zama sayen yana da riba, sai a tarar babu kuɗin, ko kuma akwai amma tsoro ya hana taɓa su. Kamfanin Boeing mai ƙera jiragen sama ya kashe fiye da dala biliyan 40 wajen sayen hannun jarinsa tsakanin 2013 da 2019, wani ɓangare mai yawa a lokacin da farashin yake hawa, sai matsalar jirgin 737 MAX da annobar korona suka zo, ya dakatar da rabon riba a 2020, ya ci bashi mai nauyi, daga baya a 2024 ya koma yana sayar da sababbin hannun jari domin tara kuɗi, a farashin da bai kai rabin ƙololuwar da ya taɓa kaiwa a 2019 ba.

To me ya sa kamfanoni, musamman a Amurka, suka raja'a a kan wannan hanya? Dalili na farko na doka ne. Kafin 1982 kamfanin da ya shiga kasuwa yana sayen hannun jarinsa yana cikin haɗarin a tuhume shi da murɗa farashi, sai hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, ta fitar da ƙa'idar 10b-18 wadda ta ba shi kariya matuƙar ya kiyaye sharuɗɗa kan lokaci da farashi da yawan abin da zai saya a rana. Tun daga nan abin ya yi ta girma, har ta kai Apple ya sanar da shirin dala biliyan 110 a watan Mayun 2024. Dalili na biyu haraji ne. Rabon riba yana jawo haraji a kan kowa a shekarar da aka biya, ko yana bukatar kuɗin ko ba ya bukata. A Nijeriya ana cire kashi 10 cikin 100 tun kafin kuɗin su iso, don haka matar misalinmu naira 9,000 za ta gani, ba 10,000 ba. A sake saye kuwa wanda bai sayar ba babu abin da zai biya, wanda ya sayar ma harajinsa a kan abin da ya ƙaru bisa farashin da ya saya ne, ba a kan duka kuɗin ba. Amurka ta ɗan rage wannan rata da harajin kashi 1 cikin 100 a kan sake saye, wanda ya fara aiki a Janairun 2023, amma ratar ba ta rufe ba.

Dalili na uku shi ne wanda ya fi tasiri a zauren daraktoci. Rabon riba ya zama tamkar alkawari. Kamfanin da ya ba da naira 10 bana, idan ya ba da naira 6 baɗi, kasuwa za ta karanta cewa akwai matsala, farashi ya faɗi, masu hannun jari su zo babban taron shekara da fushi. Shi ya sa daraktoci ba sa ɗaga shi sai sun tabbata za su iya riƙe sabon matakin, kuma sukan yi ta maza su biya ko a shekarar da ba ta yi kyau ba. Sake saye ba shi da wannan ɗaurin. Abin da masu hannun jari suke amincewa da shi izini ne na a saya har zuwa wani adadi, ba umarni ba, kuma kamfani yana iya sayen kaɗan ya tsaya ba tare da wani ya ɗaga murya ba. Ga kamfanin da ribarsa take hawa da sauka, kamar na mai ko na ma'adinai, wannan sassauci yana da amfani na gaske. Ga mai jari kuwa, a ganina, ɗaurin rabon riba yana da tasa fa'idar, domin riba a takarda ana iya yi mata kwalliya, amma kuɗin da suka shiga asusun mutum a banki ba su da wata fassara.

A Nijeriya misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Dangote Cement, kuma yana nuna wannan tazara tsakanin izini da aiki. A Janairun 2020 masu hannun jari suka amince kamfanin ya sake sayen har kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa, waɗanda a lokacin sun ɗan haura biliyan 17, wato izinin ya kai kusan biliyan 1.7. A zango na farko, ƙarshen Disambar 2020, ya sayi miliyan 40.2 a kan matsakaicin farashi na kusan naira 243, kimanin naira biliyan 9.8. A zango na biyu, Janairun 2022, ya sayi kusan miliyan 126.7 a kan kimanin naira 277, wajen naira biliyan 35. Idan aka haɗa biyun ba su cika kashi 1 cikin 100 na kamfanin ba. A gefe guda kuma rabon ribar da ya yi na shekarar 2020 naira 16 ne a kan kowane hannun jari, wato fiye da naira biliyan 270 a shekara ɗaya, sannan ya ɗaga zuwa naira 20 na 2021, ya kai naira 30 na 2023. Duk hayaniyar da aka yi a kafafen yaɗa labarai kan sake sayen, rabon riba ne ya ɗauki kusan dukan nauyin mayar da kuɗi ga masu kamfanin.

Akwai wani abin lura a irin wannan kamfani da mutum ɗaya ko rukuni ɗaya yake riƙe da mafi yawansa. Dangote Industries yana da fiye da kashi 80 cikin 100 na kamfanin simintin, saboda haka abin da yake yawo a kasuwa kaɗan ne tun asali. Duk sayen da aka yi daga hannun jama'a yana ƙara rage wannan ɗan abin da ke yawo, kuma babban mai jarin da bai sayar ba kasonsa yana ƙaruwa ba tare da ya fitar da kuɗi daga aljihunsa ba. Wannan ba laifi ba ne, lissafi ne da ya shafi duk wanda ya riƙe nasa, babba ko ƙarami, amma yana da iyaka, domin kasuwar tana da sharaɗin mafi ƙarancin abin da dole ya kasance a hannun jama'a, kuma hannun jarin da masu cinikinsa suka yi kaɗan yana da wuyar sayarwa ranar da mutum ya matsu.

Dokar kamfanoni ta Nijeriya, wato CAMA ta 2020, ta sa wa sake saye shingaye, kuma dalilinsu kare masu bin kamfani bashi ne, tun da kuɗin da suka fita zuwa ga masu hannun jari sun fita daga abin da za a biya bashi da shi. Dole ne a yi sayen daga ribar da ta halatta a raba, dole masu hannun jari su amince ta ƙuduri na musamman, a buga sanarwa a jaridu biyu na ƙasa, daraktoci kuma su yi rantsuwar cewa kamfanin zai iya biyan basussukansa bayan sayen. Hannun jarin da aka saya ana iya soke su gaba ɗaya, ko a ajiye su a taskar kamfani, inda ba su da ƙuri'a kuma ba sa cin rabon riba, kuma dokar ta iyakance abin da za a ajiye haka a kashi 15 cikin 100. Bambancin sokewa da ajiyewa ba ƙarami ba ne, domin abin da aka ajiye ana iya dawo da shi kasuwa ko a raba wa ma'aikata, ragin da mai jari ya ɗauka na dindindin ne ya tashi a banza.

Daga nan ne hanyar gane sake saye na gaskiya take fitowa. Kamfanoni da yawa, musamman na fasaha a Amurka, suna biyan manyan ma'aikatansu da sababbin hannun jari, sannan su je kasuwa su sayi kusan adadin da suka bayar domin kada jimillar ta kumbura. A rahoto za a rubuta cewa an mayar wa masu jari biliyoyi, alhali albashi aka biya ta bayan gida. Don haka mai bincike ba ya tsayawa a kan adadin kuɗin da aka ce an kashe, sai ya buɗe rahotannin shekaru huɗu ko biyar ya jera yawan hannun jarin da ke yawo a ƙarshen kowace shekara. Idan an kashe kuɗi masu yawa amma lambar ba ta sauka ba, babu abin da ya iso gare shi. Sai ya duba daga ina kuɗin suka fito, ta hanyar kwatanta tsabar kuɗin da kasuwancin ya samar bayan an cire na gyara da faɗaɗawa da abin da aka kashe a rabon riba da sake saye a haɗe, domin idan na biyun ya fi na farko shekara bayan shekara, bashi ne yake cike giɓin, kuma zai gan shi yana hawa a shafin basussuka. Yana da kyau kuma ya karanta yadda ake auna ladan shugabannin kamfanin. Idan garabasarsu tana rataye da ribar kowane hannun jari, wadda muka ga tana tashi daga naira 9 zuwa 10 ba tare da an ƙara ciniki ba, to suna da dalilinsu na kansu na son sake saye a kowane farashi, ko a naira 80 ko a naira 125.